Garba Nawa Ne A Sabon Birni?

Ku matso kusa, masu gardama, na san ku kun kasu uku. Akwai Malam mai carbi, wanda ya ce ƙirga sunaye aikin wanda ya rasa abin yi ne, tunda kowa ya san amsar: Muhammadu ne a gaba daga Gatawa har Bafarawa, a rufe littafi a tashi a yi alwala. Akwai Bagobiri mai tsaga shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, wanda ya rantse cewa in aka buɗe rajistar kowace makaranta a Sabon Birni za a tarar Bawa ya cika ta maƙil, don haka ƙasa tana nan a hannun jikokin Jan Gwarzo. Sai ƙanena ɗan boko mai kwamfuta a cinya, da ya ce a miƙo masa jerin sunayen kawai, yanzun nan zai fito da na ɗaya da na biyu har na goma. Dukanku ina da magana da ku, amma ɗan bokon zan fi matsa wa, don shi ne ya fi kowa sakankancewa.

To ƙanena, a ina za ka samo sunayen? Ka ce a ƙidayar jama'a. Madalla. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta watan Maris na 2006, wadda ta ba ƙaramar hukumar Sabon Birni mutum sama da 200,000, ta ba Isa kimanin 150,000. An shirya wata a watan Mayu na 2023, aka ɗage ta. Jaririn da aka ƙirga a goye a 2006 yau ya isa aure, wata ma tana goye da nata. Kuma ko da jiya aka yi ta, Hukumar Ƙidaya ba ta raba wa mutane sunaye. Jimilla take bugawa: maza kaza, mata kaza, gidaje kaza. Sunan da mai gida ya faɗa wa malamin ƙidaya a zaure amana ce, ba ta fita. Saboda haka abin da zai shigo hannunka bai wuce biyu ba: rajistar masu zaɓe da ake liƙawa a bango kafin zaɓe, ko kuwa rajistar makaranta da ke cikin durowar hedimasta. Mu ɗauki ta makarantar, don ita ce za ka iya bin ta yaro da yaro ka tabbatar.

Mu ƙaddara wata firamare a cikin garin Sabon Birni, mai ɗalibai maza 120. Makarantar ni na gina ta a kan takarda, lissafin ma nawa ne, kada wani ya ɗauka ya kai majalisa ya ce an yi bincike. Amma sunayen da yadda ake rubuta su, duk wanda ya taɓa kiran suna da safe a ajin firamare a ƙasar nan zai gane su.

Ka zuba su a kwamfutarka, ta ƙirga kowane suna yadda aka rubuta shi. Ga abin da ta ba ka: Abubakar 10, Aliyu 8, Umar 7, Sani 6, Muhammad 5, Lawali 5. Ka ɗago kai kana murmushi, Abubakar ya lashe, Muhammad ma ko na uku bai zo ba. Malam ya ajiye carbi ya ce wannan na'ura ba ta da tarbiyya.

Malam ya fi ka gaskiya a nan, ko da yake ba don dalilin da yake zato ba. Koma ka duba jerin da idonka. Malamin aji ɗaya ya rubuta Muhammad, sau 5. Na aji uku, dattijo ne da ya yi makaranta tun zamanin En'e, Muhammadu yake rubutawa, sau 3. Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo daga kudu ya rubuta Mohammed, sau 3. Wani kuma da ke sauri ya tafi kasuwa ya taƙaita, Moh'd, sau 2. Kwamfuta ta ɗauke su sunaye huɗu ne na mutane daban, alhali limamin da ya yi huɗuba suna ɗaya ya raɗa. Haɗa su, ka sami 13. Abubakar kuma akwai guda ɗaya da ya ɓuya a matsayin Aboubacar, yaron da ya fara karatu a wajen Maraɗi kafin iyayensa su dawo da shi. Wannan matsala ce ta kan iyaka wadda malamin Kano bai cika saninta ba: dangi ɗaya ne a Sabon Birni da Tsibiri, amma a can da rubutun Faransanci ake cika takarda, sai Isuhu ya koma Issoufou, Lawali ya koma Laouali, Usmanu ya koma Ousmane. Da wannan ƙari Abubakar ya zama 11. Yanzu Muhammad 13, Abubakar 11. Sarauta ta sauya gida, ba a haifi kowa ba, ba wanda ya mutu.

Kada ka yi saurin kiran makaɗa, Malam. Duba can ƙasa, akwai Garba 4, Sadiƙu 2, Buba 1. Tambayi kowace tsohuwa a Kurawa ko Turba wane ne Garba, za ta ce maka Abubakar ne mana. Haka Shehu yake Usmanu, Sanda da Faruku suke Umaru, Iro yake Ibrahim, Audu yake Abdullahi. Shugaban ƙasa Shehu Shagari ma Usman ne sunansa na yanka, amma wa ya taɓa jin an kira shi da shi a rediyo? In ka mayar da Garba da Sadiƙu da Buba, su bakwai, gidansu, Abubakar ya tashi 18. Muhammad ya sami Mamman guda ɗaya tak, ya zama 14. Sarauta ta sake komawa.

Saura zagaye ɗaya, kuma shi ne mai rikitarwa. Sani 6 ɗin nan da Lawali 5, su wane ne? A al'ada, mutumin da ke son kowane ɗa nasa ya ci sunan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan sa wa na farko Muhammadu Lawal, wanda mutanen Sakkwato ke cewa Lawali, na biyu Muhammadu Sani, na uku Salisu, na huɗu Rabi'u, a yi ta tafiya har Ashiru. Haka Bello da Aminu, sau da yawa Muhammadu ne a gabansu, yau da gobe ta sa ya zube. Janar Buhari ya riƙe nasa a takarda, shi ya sa duniya ta san shi da Muhammadu Buhari, amma ɗimbin takwarorinsa Buhari kawai aka rubuta musu. A makarantarmu akwai Sani 6, Lawali 5, Bello 4, Aminu 3, Salisu 2. Jimilla 20. In duk aka ba Muhammadu su, ya tashi 34, ya bar Abubakar a baya nesa.

Sai dai ba ka da ikon ba shi su duka. Yau akwai uban da zai ce wa liman a sa wa yaro Aminu, Aminu zalla, don takwaran wani amininsa ko wani ɗan siyasa da yake ƙauna. Akwai Sanin da ba na biyu ba ne a gidansu, sunan kawunsa aka mayar. Rajista ba ta gaya maka wanne ne wanne. Abin da za ka iya faɗa ka kwana lafiya shi ne: masu sunan Muhammadu a makarantar nan ba su gaza 14 ba, ba su wuce 34 ba, wato tsakanin kashi 12 da kashi 28 cikin 100. Na ga ka ɓata fuska, ƙanena, kana son lamba ɗaya mai tsabta da za ka ja wa layi a ƙasa. Babu ita. Jeri ɗaya, ƙirga huɗu, kuma wanda ya yi nasara ya dogara ne da ƙa'idar da kai mai ƙirgar ka zaɓa. Duk wanda ya kawo muku jerin sunayen da suka fi yawa bai faɗi ƙa'idar da ya bi wajen haɗewa ba, ku tambaye shi inda ya kai Garba.

Wajen 'yan mata abin ya fi haka tsauri, ke Malama da ke dariya a gefe. Binta da Fati da Zara duk suna iya zama Faɗimatu. Indo da A'i da Shatu A'ishatu ne. Kulu Hauwa'u ce, Dije da Hadiza da Kubura Hadizatu ne, Abu kuwa Zainabu ce, wadda ɗan bautar ƙasar nan zai ɗauka namiji ne ya tura ta layin maza. Sannan ga rundunar Ummi da Nana da Inna da Hajiya, waɗanda ba sunaye ba ne, mayafi ne da aka lulluɓe sunan kaka da shi don surukai kada su kama shi gatsau. In Ummi ta zo ta ɗaya a ƙirgarka, abin da ka gano shi ne mutanen garin suna yawan mayar da sunan iyayensu mata, amma ainihin sunan yana nan a lulluɓe.

Yanzu mu ce mun daidaita a kan ƙa'ida ɗaya, ta rubutu kawai, Muhammad 13, Abubakar 11. In tambayar ita ce wa ya fi yawa a wannan makaranta a wannan zango, an gama, 13 ta fi 11, ko ɗan aji biyu ya sani. Amma ba nan kuke tsayawa ba, na san halinku. Gobe za ku ce suna kaza ne ya fi yawa a Sabon Birni. A nan lissafi yana da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Ƙaramar ƙirga tana lilo daga makaranta zuwa makaranta ko da jama'ar iri ɗaya ce, kuma girman lilon ya kai kusan lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ƙirgar. Ƙirgar 9 tana lilo da 3, ta 25 da 5, ta 100 da 10. In za ka gwada sunaye biyu, haɗa ƙirgarsu: 13 da 11 sun ba da 24, lilonsu kusan 5 ke nan. Masu wannan ilimi ba sa ɗaukar rata da muhimmanci sai ta kai ninki biyu na lilon, wato wajen 10. Kai kuwa ratarka 2 ce. Tagwaye ɗaya da maƙwabcinsu in aka sauya musu makaranta, an kifar da gwamnatinka. Wanda ya auna gero da cokali ba ya yanke hukuncin abin da ke cikin rumbu. Sai ka tara makarantu da yawa, ƙirgar ta kai ɗaruruwa, sannan ratar kashi ɗaya ko biyu za ta fara yin magana.

Akwai wani rami kuma da na ga ka nufa ido rufe. Kowane yaro suna biyu ne a rajista, nasa da na mahaifinsa. Ka ce bari ka ƙirga layi na biyun, ka san sunayen da suka fi yawa a cikin iyaye. Sai ka ga wani suna da ba a cika ji ba, mu ce Nomau, ya fito sau 9. Ka fara rubuta cewa Nomau suna ne mai farin jini a tsakanin magidantan Gobir. Je ka tambayi hedimasta, zai yi dariya ya nuna maka gida ɗaya a bayan masallaci: Nomau ɗaya ne, matansa uku, 'ya'yansa tara ne a makarantar. Layin iyaye ba ya ƙirga iyaye, yana ƙirga 'ya'yansu ne. Mai 'ya'ya tara ya fito sau tara, wanda Allah bai ba haihuwa ba ko wanda bai sa nasa a boko ba bai fito ko sau ɗaya ba. Ƙari a kan haka, takardun jarrabawa da na katin ɗan ƙasa suna son a fara da sunan mahaifi, rajistar aji kuwa sau da yawa da sunan yaro take farawa, sai wani malami ya bi wannan tsari, wani ya bi wancan, a littafi ɗaya. Tunda Umar Aliyu da Aliyu Umar duk sunaye ne masu kyau, ba abin da zai nuna maka an juya. Alama ɗaya ce mai saurin tona asiri: leƙa shafin 'yan mata. In ka ga Ibrahim ko Usman a layin farko, malamin wannan aji da sunan uba yake farawa, sai ka juya na mazan ajin su ma. Wasu kuma sunan gari suke sawa a ƙarshe, kamar yadda tsohon gwamna Attahiru Bafarawa ya ɗauki sunan garinsu da ke ƙasar Isa. A nan ne za ka sha mamaki: Isa sunan mutum ne, kuma sunan gari ne. Musa Isa ɗan Malam Isa ne, ko Musa mutumin Isa? Kwamfutarka ba ta da bakin tambaya.

Na dawo gare ka, Bagobiri, na ga tun ɗazu kana huci. Ka ce, "To mi kake nuhi, ba a iya gane Bagobiri da sunanai?" A rajista dai, ba a iyawa. Ka tuna yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gwabza da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi. Sarkin Gobir da ya faɗi a wannan rana sunansa Ali. Ɗan Bello da ya zama Sarkin Musulmi daga 1842 zuwa 1859 sunansa Aliyu Babba. Suna ɗaya a ɓangarori biyu na fagen fama. Tun kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808 akwai Yakuba a jerin sarakunan Gobir, tsakanin Bawa Jan Gwarzo da Nafata. Rijiya ɗaya kowa ke ɗiban suna tun wancan zamani. Yau kuwa sai ka tarar da Bello mai tsagar Gobir cikakkiya, ka tarar da Bawa a gidan da ba su haɗa komai da sarautar Gobir ba. Ga Isa nan kusa da kai, inda ake kiran sarkin Sarkin Gobir alhali gidan sarautar zuriyar Muhammadu Bello ne. Ko abokin wasanka Bayarabe mai sayar da kayan gyaran babur a kasuwa, in ya sa ɗansa Abdullahi Yusuf a makarantar, ya narke a cikin jerin, ba ka tsamo shi.

Ba wasa kawai nake yi a nan ba. Ƙidayar 2006 da gangan ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba, saboda rigimar da irin waɗannan alƙaluma suka sha tayarwa a ƙasar nan, har aka soke ƙidayar 1973 ɗungurungum. Wanda ya ɗauki rajistar makaranta ya ce zai cike wannan giɓi da sunaye, ya raba yara Hausawa kaza Fulani kaza, ƙarya zai shirga, kuma a yankin da ake zub da jini ƙaryar irin wannan ba ta tsayawa a takarda. Don haka ma, ƙanena, in hedimasta ya yarda ya nuna maka littafinsa, jimilla za ka fitar. Jerin sunayen yara da na iyayensu da unguwanninsu ba abin yawo da shi a waya ba ne a ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa.

Wannan ya kawo mu ga waɗanda ba sa cikin littafin sam. Almajirin da ke tsangaya ba ya ciki. Yaron ruga da ke bin shanu ba ya ciki. Yarinyar da aka cire a aji huɗu ta fita. Tun 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka tsallaka jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga, wasu suka kwararo cikin garuruwan Isa da Sabon Birni daga ƙauyuka. A watan Disamba na 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan kan iyaka. Saboda haka rajistar cikin gari a yau tana ɗauke da yaran ƙauyukan da suka watse, rajistar ƙauyen kuwa wataƙila tana ɗauke da sunayen yaran da suka shekara ba su taka ajin ba. In ka ga sunayen karkara irin su Anaruwa da Nomau sun ƙaru a makarantar cikin gari tsakanin shekara biyar, kada ka ce tsohon yayi ne ya dawo. Tambayi daga inda sababbin ɗaliban suka zo.

Malam, kai ma ga naka. Na ji ka kana ba da labari a majalisa cewa Ingila ta kusa musulunta, tunda an ce Muhammad ne sunan da aka fi sa wa jarirai a can. Rabin ƙarshe na labarin da ka ji gaskiya ne. A 2023, a Ingila da Wales, an sa wa jarirai maza 4,661 suna Muhammad, Noah ya biyo baya da 4,382. Su ma hukumarsu kowane rubutu daban take ƙirga shi, don haka Mohammed mai 1,601 da Mohammad mai 835 suna can a nasu gurbin. Amma jarirai maza da aka haifa a shekarar sun kai wajen 300,000. Ko ka haɗa rubutun uku, ba su wuce biyu da ɗoriya a cikin kowane 100 ba. Musulmi kuwa a ƙidayarsu ta 2021 kashi 6.5 ne cikin 100. Abin da ya faru shi ne jama'a kaɗan sun taru a kan suna ɗaya, masu rinjaye kuma sun watsu a kan sunaye dubbai, kowa na neman wanda maƙwabcinsa bai sa ba. Zuwa na ɗaya yana nuna haɗuwar kai a kan suna, ba yawan masu shi a ƙasa ba. In an ƙara maka da cewa Musulmin can matasa ne masu haihuwa, wannan ma gaskiya ne, amma daga ƙidaya aka san shi, ba daga jerin sunaye ba.

To shi ke nan, aikin banza ne? A'a, kada ku tashi tukuna. Akwai abin da ƙirgar ke nunawa da gaskiya, kuma ya fi sanin zakara amfani: tana nuna ƙanƙantar rijiyar da muke ɗiban suna. A makarantar da muka ƙaddara, Abubakar 18 ne a cikin 120, wato 15 a kowane 100. A Ingila na ɗaya bai kai biyu a cikin 100 ba. Wannan bambanci babba ne, ba ya lilo, kuma yana da sakamako a rayuwar yau da kullum.

Ga misali, kai wakilin jam'iyya da ke tsaye gaban rajistar masu zaɓe kana ihu an yi maguɗi don ka ga Abubakar Muhammad sau 40 a mazaɓa ɗaya. Zauna mu yi lissafi. In 15 cikin 100 na maza Abubakar ne, kuma ɗaya cikin 10 sunan mahaifinsa Muhammad, to a cikin kowane maza 1,000 ana sa ran Abubakar Muhammad 15. Mazaɓa mai maza 4,000 za ta ba ka wajen 60, kowanne da hancinsa da gonarsa. Arba'in ɗin da ka gani ma sun yi kaɗan. Maimaituwar suna ita kaɗai ba hujjar maguɗi ba ce a ƙasar Hausa, ba kuma hujjar ɗaliban bogi ba ce a makaranta. Ba na ce ba a cusa sunayen bogi ba, ana yi, musamman inda yawan suna ke jawo kuɗi ko abinci ko ƙuri'a. Amma ba a manyan sunaye ake kama shi ba. Ana kama shi ne inda suna maras yawa ya maimaitu tare da sunan uba maras yawa, kamar a ga Anaruwa Tanko sau uku a ƙauye ɗaya. Ana kama shi inda sunaye suka jeru iri ɗaya, da tsari ɗaya, a shafuka biyu daban, alamar an kwafe. Ana kama shi inda lambar shiga makaranta ɗaya ta hau kan yara biyu. Ranar haihuwa kuwa kada ka dogara da ita sosai, don wanda bai san tasa ba sau da yawa 1 ga Janairu ake rubuta masa, sai ka ga Abubakar Muhammad biyar duk an haife su rana ɗaya, kuma dukansu na gaske ne.

Abu na biyu da ƙirgar za ta iya nunawa shi ne sauyin yayi, in an yi hattara. Gwada rajistar aji ɗaya ta bana da rajistar aji ɗaya ta makarantar nan shekara 30 baya, in gara ta bar ta. Abin da za ka duba shi ne ko sunayen rana da na yanayin haihuwa, irin su Ɗanjuma da Balarabe da Tanko da Gambo da Talatu, sun ja baya, ko kuma irin su Khalifa da Sudais da Hanan da Ilham sun shigo. Amma yaro da yaro za ka gwada, shekara da shekara, makaranta ɗaya. In ka gwada layin yara da layin iyayensu ka ruɗi kanka, don uba da sunan da gari ya san shi ake rubuta shi, yaro kuwa yanzu ana neman na takardar haihuwa. Tanko bai ɓace ba, yana nan a gida ana kiransa ya kai wa babansa fura, a rajista ne kawai ya zama Sulaiman. Abin da ya sauya wataƙila alƙalamin malami ne, ba bakin uwa ba, kuma rajista ita kaɗai ba za ta raba maka gardamar ba.

Hanyar raba ta ɗaya ce, ƙanena, kuma ba ta bi ta cinyarka. Rufe kwamfutar, ɗauki Sani shidan nan da Lawali biyar da sauran 'yan'uwansu, ka bi su aji aji ka tambayi kowanne sunan da aka yi masa huɗuba da shi. Wasu za su faɗa maka nan take. Wani zai ce maka sunansa Abba, ka ce na yanka fa, ya ce Abba. Sai ka bi shi gida. In ɗan fari ne kada ka ɓata lokacinka wajen uwar, za ta ja mayafi ta ce maka "yaron nan" ko "mai sunan Malam", ko za ka kwana a ƙofar ɗakin ba ta kama sunan. Nemi gwaggonsa, ita ba ta jin nauyin kowa. Za ta faɗa maka sunan, ta faɗa maka wanda aka yi wa takwara, ta ƙara maka da labarin ragon da aka yanka da wanda ya ci bashin kuɗinsa. Yara 20 ne kawai, ka ɗauki biro biyu.